Amsar Malam kan ittifaƙ da ta ƙi fitowa a ƙamus

"Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na nemi ittifaƙ a Mu'ujamul Wasiɗ, na duba babin alifi babu, na koma babin ta'un babu. Ko nawa bugun ne ba cikakke ba?"

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙamus ɗinka lafiyarsa ƙalau, gidan maƙwabta ka je kana ta sallama. Tafi can ƙarshen littafin, babin wawun, ka nemi wawun, fa'un, ƙafun. Tana nan zaune.

To amma na san gobe za ka dawo da wata, bari in nuna maka hanyar. Cire alifin farko da ka yi daidai ne, ƙari ne. Inda ka zame shi ne ta'un ɗin nan mai shadda. Shadda ai baƙi biyu ne aka haɗe. Ka ɗauki ijtima'i, wadda ba ta da rikici, ka ɗora ta a kan awon ifti'al. Alifi ƙari, jimun na asali, ta'un ƙari, mimun na asali, alifin ja ƙari, sai ainun. Saura jimun, mimun, ainun, gidan su jama'a da Juma'a. Yanzu ɗora ittifaƙ a kan wannan awon. Ta'un ta biyu ita ce ta ƙari, ta farko kuwa tana zaune ne a gurbin baƙin farko na asali. Asalin kalmar iwtifaƙ ce, wawun ya yi wa harshe nauyi a gaban ta'un, sai aka juya shi ta'un aka narkar a cikin 'yar'uwarta. Shi ke nan fa.

Ta yaya za ka san wawun ne ya ɓuya? Nemi danginta. Mu Hausawa ma mun huta, rabin dangin suna bakinmu. Ba ma cewa an yi muwafaƙa? Ba ma roƙon taufiƙi? Ga wawun nan ya leƙo a duka biyun. Haka ittisal, danginta wasala da mausul, sai ka tafi wawun, sadun, lamun.

Sai dai kar ka ɗauka duk ta'un mai shadda wawun ne, na ga yara suna wannan. Ittiba'i ta'un ɗinta na gado ne, daga tabi'a, ya bi, inda muka samu tabi'ai. Ittijar ma haka, dangin attajiri ce. Waɗannan a babin ta'un za ka same su. Shi ya sa haddar sa'altumuniha kaɗai take ba ni haushi. An ba yaro haruffa goma an ce su ne na ƙari, sai ya riƙa fizge duk mimun da ta'un da ya gani kamar mai figar kaza. Cewa aka yi ƙari daga cikinsu yake zuwa, ba a ce duk inda suka zo ƙari ba ne. In ka cire mimun daga malik, me ya rage maka?

Ni wannan kalmar ma na sha kunya a kanta. Ina saurayi na tara kuɗi na shiga Kurmi na sayo Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, a lokacin har na san wawun ne asalin, ina ji da kaina. Na buɗe ƙarshen littafi, na ga babin wawun da ya'un, na bi shi kaf babu wafaƙa. Washegari na koma da zafina na ce an sayar min da littafi mai giɓi. Dattijon nan bai ce min kanzil ba sai da mutane suka taru, sannan ya buɗe babin ƙafun, faslin wawun, ya ɗora yatsa. Ashe shi da baƙin ƙarshe ake shiga, na farko shi ne fasali. To don Allah da ya faɗa min tun ranar da na saya, me zai rage shi? Sai da ya tara min jama'a. Har yau in na bi ta layin nan... a bar shi dai.

Lisanul Arab na Ibn Manzur ma haka yake, da ƙarshe ake shiga. A'a, tsaya in gyara, akwai bugun da aka sake jera shi a kan baƙin farko, don haka duba naka tukuna. Wasiɗ ɗinka dai da farko ake shiga, ba ruwanka.

Kuma in ka isa wawun, fa'un, ƙafun, kar ka tsaya a layin farko ka ce babu. Fi'ilai ake fara jerowa, marar ƙari sannan masu ƙari, sai ka gangara ka iske ittafaƙa, sunaye kuma suna biyo baya. Gwada mizan da taƙawa ka turo min inda ka same su. An kira La'asar, sai anjima.