Ina zan sa zwar da trotzdem a rubutun B1?

Tambaya: "Don Allah 'yan'uwa, ina shirin jarrabawar Jamusanci ta B1. Kalmomin haɗin nan suna rikita ni wajen rubuta ra'ayi, ta ina zan fara?"

Malam, a jarrabawar Goethe kimanin kalmomi 80 kacal ake nema a wannan sashe, saboda haka hujja biyu ta isa. Fara da matsayarka, ka ba abokin hamayya haƙƙinsa da zwar, sannan ka ƙwace maganar da aber. A ce batun waya a makaranta ne: "Handys sind zwar nützlich, aber sie stören den Unterricht."

Inda ake faɗuwa shi ne gurbin aikatau. Bayan aber, yawanci mai aiki ne ke fara zuwa, sannan aikatau. Deshalb da trotzdem kuwa su ke cinye gurbi na farko, dole aikatau ya biyo su nan take: "Deshalb bin ich für ein Verbot." In ka ga "deshalb ich bin" a takardarka, gyara. Ni kaina sai da malamarmu ta cika min littafi da jan biro kafin ya zauna.

Trotzdem na nufin "duk da haka", kada ka sa shi a gurbin obwohl, wanda ke tura aikatau ƙarshen jimla.