Faɗuwar gaba da rawar hannu: damuwa ce ko wata cuta a jiki?

Tambaya: Shekaruna 31, na haihu wata shida da suka wuce. Kusan wata biyu ke nan gabana na faɗuwa haka kawai, hannuna na rawa, ina gumi ko ana sanyi, barci ya ƙaurace mini. Ina cin abinci sosai amma sai rama nake yi. A kemis aka ce damuwa ce, aka ba ni maganin barci. Na yi gwajin jini aka rubuta PCV 31. Damuwar ce, ko akwai gwajin da ya kamata in yi?

Amsa: Malama, damuwa cuta ce ta gaske, kuma takan kama mata da yawa bayan haihuwa. Sai dai ba a yanke hukuncin cewa ita ce kafin a kawar da wasu cututtuka uku da ke zuwa da kamarta sak: ƙululun wuya na tayirod mai aiki fiye da kima, ƙarancin jini, da faɗuwar suga. Dukkansu suna sa zuciya gudu, kuma da mutum ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, tsoro zai biyo baya ko babu abin tsoro. Abin da ke raba su shi ne lokacin da abin yake zuwa.

Na damuwa yakan taso ne da tunani ko wani yanayi, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa. Na ƙarancin jini motsi ne ke tayar da shi, kamar hawa bene, ɗaukar bokitin ruwa ko daka, kuma in an zauna sai ya sauka. Na suga yana bin yunwa, ya ɓace da an sha abu mai zaƙi. Na tayirod kuwa ba ya hutu, dare da rana zuciya na gudu, har cikin barci.

A bayaninki, tayirod na fi zargi. Wani ɗan ƙululu ne a gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, kuma sinadarinsa ne ke saita saurin aikin jiki. In ya yi yawa jiki yana ƙona abinci da sauri, shi ya sa ake ci ana ramewa, ana jin zafi lokacin da kowa ke neman bargo, wasu ma bayan gida ya ƙaru. Mai damuwa in ya rame, yawanci don ya kasa cin abinci ne, kuma tafin hannunsa sanyi ƙalau da gumi. Na mai tayirod da ɗumi.

Kafin ki je asibiti, ki yi wannan kwana uku a jere: da kin farka, tun ba ki sauko daga gado ba, ki ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ki ƙirga bugun minti guda cur, ki rubuta. Na babba mai lafiya tsakanin 60 ne da 100. In kullum kina samun 105 ko 110 bayan hutun dare, da wuya a ce tunani ne kaɗai.

Gwajin farko shi ne TSH, kuma ba sai kin ƙi karyawa ba. A nan mutane ke rikicewa, domin sakamakon a juye yake. TSH saƙo ne daga ƙwaƙwalwa mai cewa tayirod ya ƙara aiki, don haka in tayirod ya wuce gona da iri, ƙwaƙwalwa sai ta daina aikawa, TSH ya faɗi. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. In naki ya fito 1.5, to ba tayirod ba ne. In ya fito ƙasa da 0.1, sai a duba Free T4, wato sinadarin da tayirod ɗin ke fitarwa, wanda ake sa ran zai haura. Wani lokaci T4 yakan fito daidai alhali T3, ɗaya sinadarin na tayirod, shi ne ya hau, don haka in TSH ya faɗi T4 bai motsa ba, a nemi T3. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu bayotin, ki ajiye su aƙalla kwana biyu kafin gwajin, domin suna iya sa sakamako ya nuna cutar da babu.

Haihuwarki ta ƙara wani abu. Cikin shekarar farko bayan haihuwa tayirod na wasu mata yakan yi kumburi ya zubar da sinadarin da ya tara, ya yi yawa na wasu makonni, daga baya ma ya yi ƙasa, kuma yawanci ya daidaita da kansa. Wannan daban yake da cutar Graves, wadda ita garkuwar jiki ce ke zuga tayirod, kuma takan zo da fitowar idanu. Bambancin ya shafi magani: karbimazol, maganin rage aikin tayirod, yana aiki a Graves, ba ya amfani a kumburin bayan haihuwa, inda maganin rage gudun zuciya ya wadatar. Gwajin jini na TRAb, mai gano garkuwar da ke zuga tayirod, shi ke raba su. Kada wani ya sa ki fara karbimazol da ka.

PCV 31 kuwa ya nuna jininki ya ragu, domin macen da ba ta da ciki ana so ta kai 36, wato himogulobin 12, ke kuma kina wajen 10. Wannan zai iya sa haki da jiri, amma ba zai sa rama da jin zafi ba, don haka kada a rufe magana a kansa. Kuma PCV bai faɗi dalili ba. Ki nemi FBC, wato cikakken gwajin ƙwayoyin jini, da feritin, mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. In MCV, wato girman jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza 80, feritin ya gaza 30, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, abin da ya dace da mai jego. Amma feritin yana hawa in akwai zazzaɓi ko ciwo a jiki, sai ya ɓoye ƙarancin, don haka a jira a warke. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini kada ki sha da shayi, yana hana ta shiga jiki, kuma a ci gaba da sha wata uku bayan jini ya dawo daidai.

Suga ba na zarginsa sosai a wurinki. Faɗuwarsa ta fi samun masu ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamid, musamman in sun tsallake abinci ko suna azumi, da wanda ake yi wa ƙarin ruwa da kwinin. Gwajin safiya ba ya kama shi, sai an soki yatsa an gwada jinin a daidai lokacin da jiki ke rawa. Ga mai ciwon suga, ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, faɗuwa ce. Ga wanda ba shi da shi sai ya gaza 55, kuma alamun su tafi cikin minti 15 bayan shan cokali uku na sukari a ruwa.

Ki gaya wa likita yawan goro, kofi ko lemun ƙara kuzari da kike sha, da ko kina shaƙa maganin asma, domin duk suna sa rawar hannu. Maganin barcin nan kuma ki kai masa kwalinsa ya gani: irin su diyazefam suna shiga nono su sa jariri kasala, jiki yana sabawa da su, kuma in an yi makonni ana sha a hankali ake janye su. In bugun zuciyar ya zama ba tsari, ko ya zo da ciwon ƙirji, suma, ko zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ki tafi asibiti a ranar a yi miki ECG, wato gwajin bugun zuciya.