Ka ɗaga kwandon kafin ka yi ciniki

"Maigida, jiya na sayo kwandon tumatir ja wur a 'Yankaba, yau da safe rabinsa ya zama ruwa. Ku yaya kuke gane mai kyau, har da albasa da attaruhu?"

Fuskar kwando ka saya, ɗana. Duk manomin da ya ɗauro kaya daga Kadawa ko Kwanar Gafan, manya masu sheƙi yake jerawa a sama, kuma ba laifinsa ba ne, haka kowa ke yi. Kai aikinka yana ƙasa. Kafin ka buɗe baki ka tambayi kuɗi, ka karkata kwandon ka dubi gindinsa da ƙasar da yake zaune a kai. In ka ga jiƙa, ko ƙananan ƙudaje na zagayawa, an riga an fara fashewa a ciki. Sai ka kai hanci. Lafiyayyen tumatir ƙamshin ganyensa yake yi, musamman ta wajen hancinsa. Wanda ya fara lalacewa tsami yake bugawa, kamar kunun da ya kwana. Sannan ka zura hannu ta gefe har tsakiya. In ka ji ɗumi ko santsi, ka bar shi, ko a rage maka kuɗi sosai ka sayar wa masu abinci a ranar.

Jan da ya ruɗe ka, shi ma ka yi masa lissafi. Tumatir yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi, kuma zafi na hanzarta shi. Mu ɗauka kwando guda za ka kasa na kwana uku a watan Afrilu. In duka ja ne, na yau kaɗai ka saya. Abin da kake nema gauraye ne: kashi ɗaya ja, sauran kashi biyun masu ruwan ɗorawa da waɗanda suka fara juyawa. Kana isa rumfa ka juye shi a inuwa, ka ware fasassu tun ba su shafa wa na kusa da su ba, ka sa jan a gaba. Amma kore shar mai ƙanƙanta, wanda bai ƙosa ba, ba zai yi jan kirki ba, yanƙwanewa zai yi.

Ka ɗauki guda ka sa a tafin hannu, kada ka danna da babban yatsa. Tabon da ka yi, gobe nan ne zai ruɓe, mai kaya kuma zai harare ka. Mai kyau za ka ji ya yi nauyi, ya ɗan ba da kai kaɗan. Tumatir irin UTC mai tauri da kaurin fata ya fi mai ruwa jure hanya da kwana. Ka ɗaga hancin tumatirin ka duba: ƙananan huda baƙaƙe a nan aikin tsutsar nan ce da ta cinye gonaki a 2016, ciki ya riga ya ɓaci ko da waje na sheƙi.

Albasa kuwa a wuya take faɗin gaskiya. Nan za ka danna, ita ba ta jin ciwo. Wuya siriri, busasshe, ɓawo na ƙara in ka murza, wannan ta sha iska, za ta ajiyu. In wuyan ya yi kauri ko ya lotsa, ruɓa ta fara daga ciki. Sabuwar albasa da aka yanke wa lawashi jiya tana da kyan gani da araha, sai dai ruwa ne a jikinta, kada ka rufe ta a buhu. Ka ɗan ɓare ɓawon farko. Baƙin gari a ƙarƙashi alamar ta sha zafi da gumi ce a ajiya. Wadda ta fito da tsiro ta fara cin kanta, za ka ji ta yi sakayau. Ko ta Aliero ce ko ta Galmi, sunan gari ba ya hana ka sa hannu. Kuma lafiyayya ba ta da wari sosai sai an yanka. Buhun da ke tashi tun daga nesa, akwai ruɓaɓɓu a cikinsa.

Attaruhu da tattasai, hancinsu za ka duba. Kore ne mai ƙarfi, to ba su daɗe da barin gona ba. In ya yi baƙi ko yana zarewa da kansa, sun kwana biyu, komai ruwan da aka yayyafa musu. Tattasai yakan yaudari mutum, ya yi kyau a waje alhali ciki ya yi baƙi, don haka ka roƙi mai kaya ka fasa guda daga tsakiyar buhu. Attaruhu ma ka ɓalli ɗaya ka shinshina: mata ƙamshi suke saye tare da yajin, wanda ba ya tashi a hanci ba za su dawo nemansa ba.

Gobe tare za mu shiga bayan asuba. Kai za ka zaɓa, ni ina gefe.