Tsakanin "sha" da "da" a takardar aikin yara

Tambaya: Malam, ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a nan Sakkwato. Na ba su aikin rubuta lambobi da kalmomi. A 15 wani ya rubuta "goma da biyat", a 19 wata ta rubuta "ashirin ba ɗaya". Wanne zan soke?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. A amsar yaron nan kuskure ɗaya ne kawai, wato "da". Daga 11 zuwa 19 Hausa "sha" take sawa: goma sha ɗaya, goma sha biyar, har goma sha tara. Sai an haye ashirin "da" ke karɓar aiki, a ce ashirin da ɗaya, talatin da biyar. Shi kuwa "biyat" bakinmu ne na Sakkwatawa, kamar "ukku" da "shidda". Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, "biyar", "uku" da "shida" take rubutawa. Ki rubuta masa wannan a gefe domin jarrabawa, amma don Allah kada ki ce masa maganar gidansu kuskure ce.

Yarinyar kam ta yi daidai. Tsohon salon ƙirga ne a ce "ashirin ba ɗaya" ko "ashirin ba biyu", kuma har yau ana jin sa a kasuwa. Ki ba ta makinta, sannan ki nuna mata "goma sha tara".

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan "sha" shi ne agogo, don can ne ɓarnar ke fitowa. Rubuta 11:00 da 10:01 a allo. Na farko "ƙarfe goma sha ɗaya" ne, ko a gajarce "ƙarfe sha ɗaya". Na biyu kuwa "ƙarfe goma da minti ɗaya". Yaron da ya saba da "goma da ɗaya" zai rubuta su iri guda, alhali tazararsu ta kusa awa. Saboda haka a takardar aiki kada ki bari a yar da kalmar "minti", sai a wurin "da rabi", "da kwata" da "saura kwata". Misali 3:45, "ƙarfe huɗu saura kwata".

A kwanan wata kuma yara kan cusa "na" inda ba ta da gurbi. "Na" da "ta" na jeri ne, suna bin jinsin suna: aji na uku, rana ta uku. Amma kafin "ga" lamba tsurarta ake sawa. Gwada su da ranar da aka kafa Jihar Sakkwato, 3 ga Fabrairu, 1976: "uku ga watan Fabrairu, shekara ta alif ɗari tara da saba'in da shida". Wanda ya rubuta "dubu ɗaya da ɗari tara" a madadin "alif ɗari tara", shi ma ki ba shi maki.