MoCA ko Mini-Cog a ƙaramin asibiti?

"Don tantance mantuwar tsufa a asibitinmu na karkara, MoCA zan ɗauka ko Mini-Cog?"

Malama, fara da lissafi. A ce tsofaffi 100, 10 ke da matsalar. Gwajin da ke kama kashi 90 na masu ita, yana wanke kashi 70 na lafiyayyu, zai kamo 9 na gaskiya, ya haɗo da lafiyayyu 27. Wa zai duba mutum 36?

Halin MoCA ke nan in aka sa iyakar cin gwajin a maki 26 cikin 30: kamu sosai, zargi barkatai. Mini-Cog minti 3 ne, amma akwai zanen agogo. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba tana iya faɗuwa gwajin, alhali ƙwaƙwalwarta garau. Ni IDEA zan ɗauka, gwajin mantuwa da aka tsara don tsofaffin Afirka, ba ya buƙatar karatu.