Layi ɗaya a kan abin da kika tsaya a kai

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni akanta ce, shekara shida ina riƙe wa ƙananan kamfanoni littattafan kuɗi. An ce in ƙara layi ɗaya a taƙaitaccen bayanina na LinkedIn da zai nuna abin da ya sa nake wannan aikin. Na rubuta: 'Mai gaskiya, riƙon amana da jajircewa wajen kawo ci gaba.' Da na sake karantawa sai na ji kamar allon talla. In goge ne, ko akwai gyara?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, domin na san wannan damuwar. Mutum ya san yana da amanar nan, ya sha wahala a kanta, amma da ya rubuta sai ta fito tamkar ta kowa. Kada ki goge tukuna. Kunnenki ne ya gaya miki gaskiya, kuma akwai gyara.

Matsalar layin naki ita ce babu wanda zai taɓa rubuta akasinsa. Ki gwada juya shi: akwai akantar da za ta ce ita maƙaryaciya ce, maci amana, mai son ci baya? Babu. To tunda mai amana da maras amana duk abu ɗaya za su rubuta, mai karatu bai ƙaru da komai ba, idonsa zai tsallake layin. Sannan ki cire sunanki ki sa na likita, ko direba, ko malamin makaranta. Za ki ga layin ya zauna daram a kan kowannensu. Duk layin da ya dace da kowace sana'a bai faɗi komai a kan taki ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu koyar da rubuta takardar neman aiki da suke raba wa mutane jerin kalmomi, su ce a zaɓi uku a jera: jajircewa, hangen nesa, ƙwazo, kishin al'umma. Sun cuci mutane da yawa. Ba sa faɗa musu abin da ke biyo baya. Ranar ganawar ɗaukar aiki, wanda ke gaban tebur zai ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Kin rubuta kina da riƙon amana, ba mu misali ɗaya." Sai ɗakin ya yi tsit. Baiwar Allah tana da misalai goma a rayuwarta, amma tunda kalmar aro ce ba ta taɓa haɗa ta da wani abu da ta yi da hannunta ba, sai ta fara maimaitawa: "Wato, ni mutum ce mai amana, ina riƙe amana sosai." Mai tambayar ya ɗan gyaɗa kai, ya ajiye biro, ya wuce tambaya ta gaba. Ta fito tana zargin kanta, alhali ba amanar ce ta rasa ba, an koya mata rubuta suna ne a inda ya kamata ta rubuta aiki. Kuma wanda ya ba ta jerin kalmomin yana can yana raba wa wasu. Wannan abin yana mini ciwo ƙwarai.

Mu dawo kan layinki. Abubuwa uku kika jera, ki zubar da biyu. Idan ɗabi'u uku suka taru a jimla ɗaya, babu wadda za ta samu wurin kawo hujjarta. "Jajircewa wajen kawo ci gaba" shi zai fara tafiya, domin ba a san ci gaban wa ba, kuma ta wace hanya. Ki bar riƙon amana, shi ne zuciyar aikin akanta.

Yanzu ki ɗauki takarda, ki manta da rubuta bayani, ki amsa wannan: a teburin aikinki, wane abu kike yi wanda idan wani ya tsaya a bayanki zai gani da idonsa ya ce wannan amana ce? Ki rubuta biyar ko shida, yadda suka zo, ba tare da ado ba. Mai yiwuwa su fito haka: ba na shigar da kashe kuɗi babu rasit, ba na rufe lissafin wata sai littafi ya yi daidai da takardar banki, ba na gaya wa wani kamfani halin da wani yake ciki, idan na ga kuskure ina faɗa nan take. Kin ga duk aikatau ne, abubuwan da ake yi ko ake ƙin yi.

A cikinsu ba kowanne ne ya isa ya hau bayanin ba. Daidaita littafi da takardar banki ya fi layinki na farko nesa ba kusa ba, amma wajibi ne a kan kowace akanta, don haka idan kika sa shi kamar kina alfahari da mafi ƙarancin abin da ake jira daga gare ki ne. Ki nemi wanda yake da tsada a gare ki, wanda yin sa ke jawo miki jin kunya, ko ɓata lokaci, ko ɓacin ran mai ba ki aiki. A jerin nan shi ne na ƙarshe, musamman idan ke kika yi kuskuren. Akantoci da yawa sukan gyara a ɓoye su yi shiru. Wadda ke ɗaga waya ta faɗa ta bambanta, kuma akasin maganarta abu ne da ake yi da gaske, shi ya sa take da nauyi.

Saura dalili. Ki ƙara rabin jimla da "domin", ki ambaci mutumin da abin ke karewa. Kada ki ce al'umma, kada ki ce duniya, ki ambaci wanda kike gani a gabanki. Sai layin ya zama:

"Idan na ga kuskure a littafi, ko ni na yi shi, a ranar nake sanar da mai kamfani, domin kada ya yanke shawara kan lissafin da ba daidai ba."

Kalmomi 29 ne, haruffa kusan 140. Kalmar amana ba ta fito ko sau ɗaya ba, mai karatu ne zai faɗe ta a ransa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi yarda da shi. Idan aka ce ki ba da misali, yana nan a shirye, tunda daga misalin layin ya fito. Amma don Allah, wannan nawa ne na gwaji. Idan ba haka kike yi ba, kada ki ɗauka. Ki ciro naki daga takardarki.

Sai inda za ki ajiye shi. Mutane kan ɗora shi a sama, kuma kuskure ne. Wanda ya buɗe shafinki yana son ya fara sanin ke wace ce, me kike yi, wa kike yi wa. A LinkedIn sashen About yana ɗaukar haruffa 2,600, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin a danna don ganin sauran, don haka ki ba sana'arki da shekarunki wannan wurin. Jimla ta farko: akanta, shekara shida, ƙananan kamfanoni. Ta biyu: ayyukan da kike yi, kamar lissafin wata, albashi da haraji. Layin ɗabi'a ya zo na uku, bayan an ga aikin da zai tsaya a kai. Kada ki cusa shi a layin da ke ƙarƙashin sunanki. Haruffa 220 ne, kuma kalmomin da ake neman ki da su ya kamata su zauna a can. A X wurin bayanin kai haruffa 160 ne, a Instagram 150, idan kika sa doguwar jimlar wurin faɗin sana'arki zai yi kaɗan ƙwarai. Can sai ki yanke dalilin: "Akanta. Idan na ga kuskure a littafi, a ranar nake faɗa, ko ni na yi shi." Bai kai haruffa 80 ba.

Akwai ramin da masu gudun kalmomin banza kan faɗa, ina jin tsoron ki faɗa shi. Wasu da zarar an ce su faɗi gaskiyar abin da ke motsa su sai su zuba ɓacin ransu: "Na ga yadda akantoci ke cutar masu ƙananan kamfanoni, shi ya sa na tashi." Ko da gaskiya ne, mai karatu zai ji kina zagin abokan sana'arki, zai kuma yi tunanin me za ki faɗa a kansa ranar da kuka rabu. Haka nan kada ki kawo labarin wani kamfani da kika gano wa ɓaraka, ko ba ki ambaci suna ba, domin na kusa za su gane. Akantar da ta tona sirrin mai ba ta aiki don ta nuna amanarta ta rushe maganar da bakinta. Ki kuma yi hattara da "ban taɓa" da "koyaushe". "A ranar nake sanarwa" alkawari ne da za a riƙe ki a kai. Idan a zahiri sai washegari kike faɗa bayan kin tabbatar, ki rubuta "da zarar na tabbatar". Wannan ma ya fi nuna natsuwa. Lambobi kuwa, ba dole ba ne a wannan layin, kuma kada ki sa wadda ba za ki iya nuna inda kika samo ta ba.

Wani abu kuma, ko da ba ki tambaya ba. Idan aka nemi bayaninki don takardar taro, inda ake rubuta "ita" maimakon "ni", yabon kai ya fi muni, domin kowa ya san ke kika rubuta. "Fitacciyar akanta ce mai amana" yana sa mai karatu ya ja baya. Aikatau bai da wannan matsalar: "Takan sanar da mai kamfani kuskure da zarar ta tabbatar da shi."

Kafin ki wallafa, ki karanta layin da ƙarfi kamar kina faɗa wa wanda ke zaune kusa da ke. Duk kalmar da bakinki ya ji nauyin furtawa, ki cire ta. Sannan ki tura wa mutum ɗaya da ya taɓa aiki tare da ke. Kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi don ya faranta miki. Ki tambaye shi, "Ka taɓa ganin na yi haka?" Idan ya ce eh har ya tuna miki da lokacin, ki wallafa. Idan ya yi jim ya ce "to, ai kowa ya san kina da kirki", ki koma takardarki ki ɗauki na gaba a jerin. Idan kuma kin gwada duka babu wanda ya tsaya, ki bar bayanin da jimloli biyun farko kawai, ba laifi ba ne, ki ci gaba da lura da kanki a wurin aiki na wata ɗaya ko biyu sannan ki sake gwadawa. Idan kin rubuta naki ki turo mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.