Bambancin affect da effect: amsa ga wata ɗaliba a Ingila

Malam, ni ɗaliba ce mai shekara 15. Na fara sakandare a Kaduna, yanzu kuma ina zaune da iyayena a Birmingham, ina shirin jarrabawar GCSE ta kammala sakandare. Malamarmu ta kimiyya tana yawan zagaye mini affect da effect da jan biro, ni kuwa a kunnena duk ɗaya suke. Yaya zan bambanta su?

'Yata, kunnenki bai yi miki ƙarya ba, domin a bakin yawancin Turawa kalmomin biyu kusan sauti ɗaya suke fitarwa. Ƙarfin furucin yana kan gaɓa ta biyu ne, saboda haka wasalin farko yakan raunana har ya zama da wuya a ji ko a aka faɗa ko e. Kwamfuta ma sau da yawa ba za ta ja miki layi a ƙarƙashin kuskuren ba, tun da kowace daga cikinsu kalma ce ingantacciya a ƙamus. Abin da zai raba miki gardama shi ne aikin da kalmar take yi a cikin jimla, kuma a nan Hausar da kika taso da ita za ta taimake ki ƙwarai.

A mafi yawan rubutun da za ki yi a makaranta, affect aikatau ne, ma'anarsa kuma ita ce shafar wani abu har ya sauya, kamar yadda muke cewa fari ya shafi manoma. Shi kuwa effect suna ne, wato tasiri ko sakamakon da ya biyo baya, kamar yadda muke cewa tasirin fari ya bayyana a farashin gero. Idan kika tsaya kina shakka, ki faɗi jimlar da Hausa a zuciyarki. In bakinki ya kawo "ya shafi" ko "zai shafi", to affect ake nema, in kuma ya kawo "tasiri", "sakamako" ko "illa", to effect ne.

Bari mu ɗauki misali daga darasin da ake zagaye miki. A ce kun yi gwaji a kan yadda hasken fitila yake sauya saurin da tsiron ruwa yake fitar da kumfar iska. Malamar tana iya tambaya kamar haka: "How does light affect the plant?" A nan kalmar ta zo bayan does, tana ɗauke da aiki, kuma the plant ya biyo ta kai tsaye, wato yaya haske yake shafar tsiron. Tana kuma iya juya tambayar ta ce: "What is the effect of light on the plant?" Tambayar ba ta sauya ba, amma yanzu akwai the a gaban kalmar, of ya biyo ta, ma'ana mene ne tasirin haske a kan tsiron. Duk inda kika ga the, ko an, ko wata sifa irin su big da harmful ta tsaya daf da gurbin tana siffanta shi, suna ne zai shiga wurin. Inda kuwa will, can, may ko did not suka gabata, aikatau ne zai shiga.

Akwai wani kuskure da nake so ki kula da shi sosai, domin masu tunani da Hausa sun fi faɗawa cikinsa. Mun saba cewa abu ya yi tasiri a kan wani, sai hannu ya rubuta "Light affects on the plant", wanda ba daidai ba ne. Kalmar affect ba ta ɗaukar on, daidai da yadda ba za ki taɓa cewa fari ya shafi a kan manoma ba. Idan "ya yi tasiri a kan" kike son faɗa, sai ki rubuta "Light has an effect on the plant", inda has yake ɗauke da aikin, effect kuma ya zauna a matsayinsa na suna. Ga jimla ɗaya da ta haɗa su biyun, wadda ya kamata ki rubuta a bangon littafinki: "The cold affected her chest, and the effect lasted a week." Sanyi ya shafi ƙirjinta, tasirin kuma ya ɗauki mako guda.

Harafin s na ƙarshe ma yana rikita ɗalibai, saboda aikinsa ya bambanta a kalmomin biyu. A cikin affects yana nuna cewa mai aikatawa tilo ne, kamar "Smoking affects the lungs", amma a cikin effects jam'i yake nunawa, kamar "the effects of smoking". Kada ki dogara da ƙarshen kalma, ki dubi abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta.

Wata rana za ki ci karo da effect yana aikin aikatau, kada ki ɗauka marubucin ya yi kuskure. A wannan hali ma'anarsa ita ce samar da abin da babu shi a da, kuma an fi ganinsa a rubutun hukuma da na jarida, tare da kalmomi kaɗan irin su change. Wanda ya rubuta "The head teacher effected a change" yana nufin shugaban makarantar shi ne ya kawo sauyin, alhali "affected the change" yana nufin akwai sauyin tun farko, shi dai ya taɓa yadda ya gudana. Asalin kalmomin a Latin yana bayyana wannan, domin affect ya fito daga afficere, yi wa abu wani abu, effect kuma daga efficere, aiwatar da abu har ya tabbata. Haka kuma masana halayyar ɗan Adam suna amfani da affect a matsayin suna, da ƙarfin furuci a gaɓar farko, don yanayin zuciya da yake bayyana a fuska da murya. A ra'ayina, a matakin da kike yanzu ya isa ki gane waɗannan biyun idan kin gan su, ba sai kin cusa su a rubutunki ba, domin caused ko brought about za su biya miki buƙata ba tare da kasada ba.

Tun da a gidajenmu na ƙetare yara ne sukan karanta wa iyaye wasiƙu, ki san wasu maganganu da kullum da e ake rubuta su. Idan wasiƙar mai gida ko ta ma'aikata ta ce "with effect from 1 April" ko "takes effect on 1 April", tana nufin sabon kuɗin haya ko sabuwar ƙa'ida za ta fara aiki daga ranar. Takardar da ke cikin kwalin magani kuma takan rubuta "side effects", wato illolin da maganin yake iya haifarwa. Amma idan wasiƙa ta ce "This will not affect your application", tana sanar da ku cewa abin da aka ambata ba zai shafi takardar neman da kuka shigar ba.

Game da jarrabawa, idan makarantarku ta hukumar shirya jarrabawa ta AQA take bi, kowace tambayar rubutu ta darasin Turanci tana da maki 40, kuma 16 daga ciki na daidaiton rubutu ne, wato harufa, alamomi da ginin jimla. Saboda haka ki ware mintunan ƙarshe ki bi takardarki, ki tsaya a kan kowane affect da effect, ki gwada shi da "ya shafi" da "tasiri". Kafin lokacin, ki tattaro ayyukan da malamar ta zagaye miki, ki sake rubuta kowace jimla ta hanyoyi biyu, ɗaya da affect ɗaya kuma da have an effect on, sannan ki kai mata ta duba.